Yadda ake shirya atisayen hirar minti goma da majinyaci mai yawan shan giya

Ma'aikacin lafiya tun a makaranta aka saba masa da abu ɗaya: ka ga cuta, ka faɗi magani. Shi ya sa da zarar majinyaci ya ce yana shan giya, bakin ma'aikaci ke fara ƙaiƙayi, sai ga bayanin hanta, ga na hawan jini, ga "ka ji tsoron Allah ka daina". Majinyaci ya sunkuyar da kai ya ce "To, likita." Ya fita, ya daina zuwa asibitin ko kuma ya daina faɗin gaskiya. Hanyar hirar zaburar da niyya, wato motivational interviewing, da William Miller ya fara bayyanawa a 1983, suka faɗaɗa ta shi da Stephen Rollnick a 1991, an gina ta a kan lura da cewa mai shan giya yawanci zuciyarsa biyu ce. In ka kama ɓangaren dainawa kana ja, shi sai ya kama ɗaya ɓangaren yana karewa, kuma mutum ya fi yarda da abin da ya ji ya fito daga bakinsa. Aikin rubutun atisaye ke nan: a horar da ma'aikaci ya danne ƙaiƙayin gyara, har dalilan rage sha su fito daga bakin majinyacin.

Atisayen na mutum uku ne, takarda uku: katin majinyaci, rubutun ma'aikaci, da takardar mai sa ido. Kowa da tasa, kuma ma'aikaci ba ya ganin katin majinyaci.

Mataki na farko: rubuta katin majinyaci

Nan aka fi yin sakaci. In aka ce wa abokin aiki kawai "ka zama mashayi", zai yi wasan kwaikwayo ne, ya yi ta tangaɗi da gardama, wanda ake horarwa ya rasa ta inda zai kama. Kati mai kyau yana ɗauke da adadi, da abin da mutumin ke samu a shan, da abin da ke damunsa a ɓoye, da ƙa'idar lokacin da zai buɗe baki. Ga misali da za mu bi har ƙarshe, mutumin ƙirƙira ne:

Malam Danjuma, shekara 45, bakanike. Ya zo karɓar maganin hawan jini, awon yau 158/96. Yana sha ranakun Laraba da Juma'a kwalba uku-uku, Asabar kwalba biyar, babbar kwalba mai santilita 60. Yana sha ne da abokan gareji bayan an tashi, a nan ake haɗa shi da masu motoci. Matarsa ta yi masa magana watanni biyu da suka wuce. Sau ɗaya ya kasa buɗe gareji da safe, mai mota ya kai aikinsa wani wuri. Babansa ya mutu da shanyewar ɓarin jiki, wannan kuwa ba zai faɗa ba sai an tambaye shi abin da yake tsoro game da hawan jinin. Ranar da zai sha ba ya shan maganinsa.

A ƙasan katin a rubuta ƙa'ida biyu. In ma'aikaci ya yi maka wa'azi ko ya ba ka shawarar da ba ka nema ba, ka ce "To, likita" ka yi shiru, ko ka ce "Ai ba ni da yawan sha". In ya maido maka da maganarka daidai, ka ƙara masa abu ɗaya daga katin. Wannan ƙa'idar ce ke sa mai koyo ya ji a jikinsa abin da ke buɗe mutum da abin da ke rufe shi.

Dole mai rubuta kati ya yi lissafin tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga awo ɗaya a matsayin giram 10 na tsantsar barasa. Kwalbar santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana da mililita 30 na barasa, a ninka da 0.79, ya ba da kusan giram 24. Wato kwalba ɗaya awo biyu ce da kusan rabi. Kwalba uku awo bakwai, biyar kusan sha biyu, a mako kwalba 11 kusan awo 26. Ƙaramar leda mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 kusan awo ɗaya ce. Burukutu da ogogoro ba su da tsayayyen ƙarfi, don haka a tambayi girman ƙwarya ko kofi da yawansu a yi ƙiyasi. Kuskuren da ake yawan gani shi ne a rubuta kwalba ɗaya awo ɗaya, makin mutum a takardar tambayoyin da ke tafe ya faɗi ƙasa da inda yake.

Sai a cike masa takardar tambayoyi goma ta hukumar, wadda ake kira AUDIT, makinta daga 0 zuwa 40. Malam Danjuma: sha sau biyu zuwa uku a mako maki 3, awo bakwai zuwa tara a zama ɗaya maki 3, awo shida ko fiye kowane mako maki 3, kasa sauke nauyin aiki jefi-jefi maki 1, nadama kusan kowane wata maki 2, damuwar iyali a cikin shekarar nan maki 4. Jimla 16. A tsarin hukumar 8 zuwa 15 shawara ce a taƙaice, 16 zuwa 19 gajeriyar hira da bibiya, 20 zuwa sama a tura a duba ko jiki ya riga ya kamu. Don atisayen farko a zaɓi mutum irin wannan na tsakiya. Mai maki 28 darasinsa daban ne, yana zuwa a ƙasa.

Mataki na biyu: rubutun ma'aikaci

Kada ya wuce shafi ɗaya. Zango huɗu ne: buɗe magana, ba da sakamako, tono niyya, yin shiri. Jimlar buɗe kowane zango ce kaɗai ake haddacewa, sauran kuwa ya danganta da abin da majinyaci ya ce.

Kafin komai, ɗaki. A wuraren da shan giya abin kunya ne ƙwarai, ko ma laifi a dokar jiha, ba wanda zai faɗi gaskiya ƙaninsa na tsaye a kansa ko labule na kaɗawa ana jin numfashin na gaba a layi. A sa wannan cikin atisayen: mai sa ido ya fara zama ɗan rakiya na daƙiƙa talatin, ma'aikaci ya koyi sallamarsa ba tare da ya tada zargi ba. "Ɗan'uwa, ɗan ba mu wuri zan sake auna shi, zan kira ka."

Zangon farko minti ɗaya ne zuwa biyu.

Ma'aikaci: Malam, duk mai hawan jini muna yi masa wasu tambayoyi kan abinci, taba da abin sha. Abin da ka faɗa tsakaninmu ne, don maganinka. Ka yarda mu ɗan taɓa maganar giya na minti kaɗan?

Danjuma: To... ina ɗan taɓawa, amma ba sosai ba.

Ma'aikaci: Kana ɗan taɓawa. Ba ni labarin ranar da ka sha ta ƙarshe, daga tashi aiki har komawa gida.

A lura da abu uku. An ce "duk mai hawan jini", don kada ya ji an gano shi ne ta wari ko ta ido. An nemi izini. Kuma an ɗauki kalmarsa, "taɓawa", aka mayar masa. Kalmomin mashayi, ɗan giya da shaye-shaye ba sa shiga rubutun ko kaɗan. Tambayar "Kana shan giya?" ma a cire ta, domin amsarta "A'a" ce, daga nan kuma ƙofa ta rufe.

Zango na biyu, ba da sakamako. Tsarinsa: tambaya, bayani, tambaya.

Ma'aikaci: Me ka sani game da giya da hawan jini?

Danjuma: An ce ba su jituwa. Shi ya sa ranar da zan sha ba na shan ƙwayar.

Ma'aikaci: Wato kana kiyayewa kada ka haɗa abin da zai cuce ka. In gaya maka abin da muka sani?

Danjuma: Faɗi mana, likita.

Ma'aikaci: Kwalbar da kake sha, kowace ɗaya a lissafinmu awo biyu ce da kusan rabi. A mako kana kai awo 26. Sha a wannan adadin yana ɗaga jini, kuma in an rage yakan sauka. Ƙwayar kuma ana shanta kullum, har ranar da ka sha, don tsallakewar na barin jini ya hau. Yaya ka ji wannan?

Bayanin jimla huɗu ne, ba a ƙara. Mai koyo zai so ya ci gaba zuwa hanta da ƙoda da ciwon daji, a hana shi. Bayani ɗaya da ya shafi abin da ya kawo mutum yau ya fi tasiri. Sannan bayan "Yaya ka ji wannan?" a yi shiru. A atisaye mai sa ido ya ƙirga daƙiƙa biyar da yatsu a ƙasan tebur. Masu koyo da yawa ba sa kaiwa uku suke cike shirun da wata shawarar.

Zango na uku shi ne zuciyar hirar, a ba shi minti huɗu ko biyar.

Ma'aikaci: Me kake samu a zaman nan na yamma?

Danjuma: Gajiya ce, likita. Kuma a can nake samun aiki, masu motoci a can suke.

Ma'aikaci: Zaman yana sauke maka gajiya, yana kawo ciniki. Barinsa ba ƙaramin abu ba ne. To ɗaya gefen fa, me ba ka so game da shi?

Danjuma: Kuɗi na tafiya. Kuma uwargida ta fara magana.

Ma'aikaci: Maganar tata ta tsaya maka a rai.

Danjuma: Gaskiya ba ta saba yi min irin wannan ba.

Ma'aikaci: Daga sifili zuwa goma, sifili ba ruwanka, goma kuma ba abin da ya fi shi, nawa za ka ba muhimmancin rage sha a yanzu?

Danjuma: Kamar biyar.

Ma'aikaci: Me ya sa biyar, ba ka ce biyu ba?

Danjuma: Saboda jinin nan. Babana da shi ya tafi, ɓarin jikinsa ya mutu shekara uku yana kwance. Yarana ƙanana ne.

Ma'aikaci: Ka ga abin da ya yi wa Baba, ba ka son yaranka su yi jinyarka haka.

Tambayar lamba ana yin ta ƙasa ne kullum. In aka ce "Me ya sa ba ka ce tara ba?", an gayyace shi ya lissafa uzurinsa, zai kuwa lissafa, ya fita ya fi yarda da su. Wannan kuskuren yana da saurin faruwa har ya kamata a ja masa layi a rubutun. In mutum ya ce sifili ko ɗaya, a tambaye shi: "Me zai faru da zai sa ka fara tunanin abin?" Ga wanda lamba ba ta zauna masa ba, a zana layi a takarda ya nuna da yatsa.

Maido da magana kuma ba tambaya ba ce. "Maganar tata ta tsaya maka a rai" muryar tana sauka a ƙarshe. In aka ɗaga ta, aka ƙara "ko?", ta zama tuhuma, mutum ya fara janyewa. Akwai maidawa mai sauƙi, wadda ke maimaita abin da aka faɗa, akwai mai zurfi, wadda ke faɗin abin da ke ƙarƙashi, kamar jimlar yara da jinya. Ta biyun ake so mai koyo ya ƙware a kai, ko da zai yi kuskure, don majinyaci zai gyara masa, gyaran ma magana ce.

Addini fa? Ma'aikaci ba ya kawo shi. Mutumin ya san hukuncin tun yana yaro, tunatarwar daga bakin mai farar riga kunya kawai take ƙarawa. Amma in shi ya kawo, ya ce "Ga shi ina jin nauyin tsayawa salla" ko "Na daina zuwa coci", wannan dalilinsa ne, a maido masa kamar kowane: "Abin ya shiga tsakaninka da ibadarka, kuma hakan na damunka."

Alkawarin ladabi

Wannan ya cancanci atisaye na kansa. A tsakiyar hira majinyaci yakan ce: "Shi ke nan likita, in sha Allahu daga yau na daina." Mai koyo ya ji daɗi, ya rufe fayil. Sau da yawa ladabi ne, hanyar rufe maganar da ta yi nauyi ba tare da an saɓa wa likita ba. Ana gane shi da cewa ya zo da wuri, kafin mutumin ya faɗi dalili ko ɗaya nasa, kuma babu rana, babu adadi, babu yadda za a yi da abokai. Ba a ƙaryata shi, ba a kuma karɓe shi a tashi. Layin da za a haddace:

Ma'aikaci: Allah Ya ba da iko. Bari mu duba Asabar mai zuwa. An tashi aiki, abokai sun ce a tafi. Me zai faru?

Danjuma: (dariya) Ai Asabar da wuya.

Daga wannan dariyar hira ta gaskiya ke farawa. A sa wa mai riƙe da kati ya jefo alkawarin a minti na uku, a ga ko ma'aikaci zai faɗa.

Zango na huɗu, shiri. Ma'aikaci ya tattara abin da ya ji, ya sa dalilan canji a ƙarshe don su ne za su rage a kunne: "Zaman na kawo hutu da ciniki. A gefe guda kuɗi na tafiya, uwargida ta damu, kuma ba ka son abin da ya sami Baba ya same ka. To me kake ganin za ka yi?" In ya nemi shawara, a ba shi ƙarara: babu adadin da za a ce ba shi da illa sam, kuma mizanin rage haɗari a littafin hukumar shi ne kada a wuce awo biyu a rana, da kwana biyu a mako babu sha, wato ƙasa da babbar kwalba ɗaya a rana. Dainawa gaba ɗaya ma zaɓi ne. Sai a bar shi ya zaɓa.

A misalinmu Malam Danjuma ya ce zai bar zaman Laraba, Asabar kuma kwalba biyu, zai ci abinci kafin ya je, zai riƙe kuɗin biyun kaɗai a aljihu, ƙwaya kullum da safe. Daga kwalba 11 zuwa 5. Bai kai mizani ba, ma'aikaci ya faɗa masa haka a fili ba tare da ya rushe shirin ba: "Ka rage fiye da rabi. Likitance za mu so ya ƙara sauka, amma mu fara da wannan." A tambayi lambar ƙarfin gwiwarsa, in ta yi ƙasa a rage girman shirin. A ba shi ranar dawowa bayan mako biyu don awon jini, wanda dalili ne da zai iya faɗa wa kowa a gida.

Mataki na uku: takardar mai sa ido

Mai sa ido ba alƙali ba ne, mai ƙirga ne. Layi biyar a takarda, yana jan sanda duk lokacin da abu ya faru: buɗaɗɗiyar tambaya, tambaya mai amsar e ko a'a, maido da magana, shawara da izini, shawara ko gargaɗi ba izini. Matakin farko da ake nema shi ne maidawa ɗaya ga kowace tambaya ɗaya, ƙwararru kan kai biyu ga ɗaya. Layi na biyar ana so ya zama babu komai. Sabon mai koyo yakan fito da tambaya goma sha biyar da maidawa biyu, kuma ganin sandunan da idonsa ya fi duk wani bayani. Mai sa ido ya kuma rubuta jimla ɗaya ta majinyaci, kalma da kalma, inda ya faɗi dalilin canji, da abin da ma'aikaci ya ce nan take bayanta. A nan ake kama babbar asara: mutum ya ce "yarana ƙanana ne", ma'aikaci ya ce "To, kana shan taba?"

Mataki na huɗu: gudanar da zaman

Minti tamanin zuwa casa'in sun isa. Mai horarwa ya fara nuna mummunar hira ta minti biyu, cike da wa'azi, a tambayi wanda ya zama majinyaci yadda ya ji. Sai ya nuna mai kyau. Daga nan a rabu uku-uku: minti goma hira, minti biyar bayani, a juya har kowa ya zauna kujeru ukun. Wajen bayani ma'aikaci ne ke fara magana, sai majinyaci ya faɗi inda ya ji yana son ƙara magana da inda ya ji ya rufe, mai sa ido a ƙarshe da lambobinsa da gyara ɗaya tak. A maimaita minti biyun da aka gyara nan take. A zagayen farko rubutun yana hannun ma'aikaci, a na biyu a kife shi, don wanda ya saba karantawa idonsa na kan takarda lokacin da majinyaci ke faɗin abin da ya fi muhimmanci. Horon rana ɗaya yana dushewa in ba bibiya, don haka a sa gajeren atisaye na minti ashirin kowane wata, da sabon kati.

Kati na biyu, wanda ba a tsallakewa

Bayan an saba da na farko, a shigo da katin mutumin da ke sha kullum, makinsa 20 ko fiye, hannunsa na rawa da safe sai ya kora kafin ya daidaita. Ma'aikaci bai san wane kati aka ba abokinsa ba, dole ya gano. Don haka rubutun kowa ya ƙunshi tambayoyi biyu kafin zangon shiri: "In ka kwana ɗaya ko biyu ba ka sha ba, me jikinka ke yi?" da "Ka taɓa faɗuwa kana jijjiga, ko ka riƙa ganin abin da babu, bayan ka daina?"

Dalili shi ne jikin da ya kamu in aka yanke masa sha farat ɗaya, rawar jiki, gumi, tashin zuciya da bugun zuciya kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai tsanani da gane-gane kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, wadda ke iya kisa. Ga wannan mutumin, alkawarin "daga yau na daina" haɗari ne, kuma a nan ma'aikaci ke ajiye salon bari-ya-zaɓa ya yi magana kai tsaye:

Ma'aikaci: Malam, niyyarka mai kyau ce, amma jikinka ya saba har dainawa lokaci ɗaya a gida na iya kayar da kai. Kada ka yanke yau da kanka. Akwai maganin da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki don a daina lafiya, tare da bitamin B1. Ka yarda in haɗa ka da shi yanzu?

Mai sa ido ya duba abu uku a wannan katin: an yi tambayoyin biyu, an hana yankewa farat ɗaya, an ambaci takamaiman wurin da za a tura shi da ranar zuwa. Mai horarwa ya cike sunan wurin da ranakun asibitinsa a rubutun tun kafin zaman. Haka kuma a shirya gajerun katuna na mai juna biyu da mai ciwon hanta, inda shawarar ita ce dainawa gaba ɗaya, da na wanda ya ambaci tunanin kashe kansa, wanda ba a bari ya fita sai likita ya gan shi a ranar.